Daga Tulin Hira Zuwa Jigo: Yadda Masu Bincike Ke Tace Maganar Mutane

Ba kowane bincike ake yi da ƙidaya ba. Alƙaluma za su iya gaya maka mutum nawa ne cikin masu hawan jini suka daina shan magani, amma ba za su gaya maka abin da mutumin ke raya wa ransa ba ranar da ya ture kwalin maganin gefe. Mai son sanin wannan sai ya je ya zauna da mutane, ya yi musu tambaya, ya naɗi muryarsu. Zaman hirar yana da daɗi, kuma ɗalibai da yawa suna zaton shi ne aikin. Wahalar tana gaba, lokacin da mutum ya dawo gida da sa'o'i goma ko ashirin na magana, kowa ya faɗi tasa, wani ya yi tsawo, wani ya kauce hanya ya shiga labarin gonarsa, sannan a ce masa ya fito da sakamako a shafuka kaɗan.

Hanyar da aka fi bi wajen wannan aiki a yau ita ce nazarin jigo. An daɗe ana yin sa ta fuskoki daban-daban, amma waɗanda suka shimfiɗa masa tsarin da ya bazu a duniya wasu malaman ilimin halayyar ɗan Adam ne su biyu: Virginia Braun ta Jami'ar Auckland da ke New Zealand, da Victoria Clarke ta Jami'ar Yammacin Ingila da ke Bristol. A 2006 suka buga maƙalar da ta kasa aikin mataki shida: sabawa da bayanan, sanya laƙabi, haɗa jigogin farko, sake duba su, fayyace su da raɗa musu suna, sai rubuta rahoto. Sun ja kunne tun a wancan lokaci cewa matakan ba a jere kawai ake taka su ba. Mutum yakan kai na huɗu ya ga dole ya koma na biyu, kuma wanda bai taɓa komawa baya ba, akwai alamar bai duba da kyau ba.

Don kada maganar ta tsaya a iska, mu ƙaddara wata ɗaliba mai digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma. Ita da mutanen da za a ji maganarsu a nan misali ne na koyarwa. Ta yi hira da mutum 15 masu hawan jini, maza da mata, kowace hira kamar minti 45, da Hausa. Tambayar bincikenta ita ce: yaya masu hawan jini suke fahimtar shan magani kullum, kuma me ke sa su ajiye shi?

Rubuta hira da sabawa da ita

Abu na farko shi ne mayar da murya rubutu. Aiki ne mai cin rai. Hirar awa ɗaya takan ci awa huɗu zuwa shida kafin a rubuta ta, in kuwa akwai hayaniyar yara ko ƙarar janareto, ta fi haka. Ɗalibarmu za ta tashi da shafuka wajen 200. Ana rubuta abin da mutum ya faɗa ne yadda ya faɗe shi, ba a gyara masa Hausa. In ya yi dariya a nuna, in ya yi dogon shiru a nuna, domin "to, shi ke nan" da aka faɗa da dariya daban take da wadda aka faɗa bayan ajiyar zuciya. A wannan mataki ne kuma ake cire sunaye. Kowa ya koma lamba, a goge sunan unguwa da na asibiti da duk abin da zai sa a gane mai magana, tun da a kan wannan alkawari ya yarda ya buɗe cikinsa.

Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare a wajenmu, inda ake hira da Hausa amma a rubuta kundi da Turanci. Sai ɗalibi ya ba wani ya fassara hirarrakin gaba ɗaya, sannan ya yi nazari a kan fassarar. Wanda ya yi haka mafassarin ne ya yi masa rabin nazarin ba tare da ya sani ba. Ka tambayi Bahaushe jiki, ko yana kwance rai a hannun Allah zai ce maka da sauƙi. Mai nazari da Hausa ya san wannan amsar ladabi ce, zai jira abin da zai biyo baya. Mai karanta fassara zai rubuta cewa majinyacin ya ce yana samun lafiya. Shawarata ita ce a yi nazarin cikin harshen da aka yi hirar, sai a ƙarshe a fassara 'yan guntayen da za su shiga rahoto.

Bayan rubutu sai karatu. Ɗalibar za ta karanta hirarrakin duka daga farko har ƙarshe, aƙalla sau ɗaya kafin ta taɓa komai, tana riƙe da littafin da take zuba abin da ya ja hankalinta. Ba tsari ake nema a nan ba. Tana iya rubuta cewa mutum huɗu sun ambaci alwala ba tare da ta tambaye su ba, ko cewa mata suna sassauta murya in an zo maganar wanda ke sayen magani. Wanda ya rubuta hirarsa da hannunsa ya riga ya ci rabin wannan mataki.

Laƙabi: inda aikin yake

Mataki na biyu shi ne ya fi cin lokaci, kuma a nan ake gane mai haƙuri. Ana bin rubutun layi-layi, duk guntun maganar da ta shafi tambayar bincike a manna mata gajeren suna da ke nuna abin da ke cikinta. Wannan suna shi ne laƙabi, 'yan jami'a kuma suna ce masa kod. Ga wani guntu daga hira ta 3, wata dattijuwa:

"Ni dai in na ji kaina ya yi nauyi, ko jiri yana ɗibata, sai in ɗauko in sha. To in na ji garau me zan sha? Mai lafiya ai ba ya shan magani. Kuma kin ga yaron nan shi ke saye, ga iyalinsa, ba na son kullum in ce masa ya ƙare."

Sabon shiga zai dubi wannan ya rubuta "shan magani" a gefe ya wuce. Bai yi ƙarya ba, amma laƙabin bai amfana masa komai ba, domin kusan kowane shafi cikin 200 ɗin maganar shan magani yake yi. Laƙabi mai kyau shi ne wanda in an rufe rubutun aka karanta shi kaɗai, za a san abin da aka ce. Ɗalibarmu ta fitar da guda huɗu daga wannan guntu. Jimlar farko ta sa mata "sai an ji alama ake sha". Ta biyu da ta uku, "magani na marar lafiya ne". Ta ƙarshe ta ɗauki biyu: "ɗa ne ke sayen magani", da kuma "jin nauyin cewa ya ƙare".

A dubi biyun ƙarshen nan da kyau, domin ba iri ɗaya ba ne. "Ɗa ne ke sayen magani" abu ne da dattijuwar ta faɗa ƙarara, laƙabi ne na zahirin magana. "Jin nauyin cewa ya ƙare" kuwa ya ɗan shiga ƙarƙashin maganar. Ba ta ce ɗan ya hana ba, ba ta ce babu kuɗi ba. Abin da ta nuna shi ne buɗe baki a nema yana da nasa tsadar. Braun da Clarke sun bambanta waɗannan iri biyu, na sarari da na ɓoye, kuma nazari mai kyau yakan haɗa su. Wanda ya tsaya a na sarari kaɗai zai tashi da taƙaitawa. Wanda ya dulmiya cikin na ɓoye kaɗai yana iya sa wa mutane magana a baki.

Ga wani daga hira ta 9, ɗan kasuwa:

"Likita ya ce wai har ƙarshen rayuwa. Na ce wane irin magani ne wannan da ba ya warkarwa? Na sha wata uku, aka gwada aka ce ya sauka, na ce alhamdu lillahi, na ajiye."

Nan ta sa "magani na gaske yana da ranar gamawa" da "awo ya sauka, an warke". Da ta kai hira ta 11 ta ji wani ya ce ai shi ba ya son ya zama bawan ƙwaya, sai ta tuna ta taɓa ganin irin wannan a hira ta 2 amma ba ta sa masa komai ba, don a lokacin ba ta lura ba. Dole ta koma. Shi ya sa ake zagaya hirarrakin sau biyu aƙalla, kuma ya fi kyau zagaye na biyu a fara daga tsakiya ko daga ƙarshe, don kada hirarrakin farko su riƙa samun sabon ido kullum, na ƙarshe su samu gajiyayye.

Da me ake yin wannan? Akwai manhajoji irin su NVivo da ATLAS.ti da MAXQDA, waɗanda ake saye, da na kyauta irin su Taguette da QualCoder. Amfaninsu shi ne in ka latsa laƙabi su tattaro maka duk guntayen da ke ƙarƙashinsa. Ba sa yi wa kowa tunani. Hira 15 ba ta fi ƙarfin jadawalin Excel ba: gurbi ɗaya na lambar hira, ɗaya na guntun magana, ɗaya na laƙabi. Ba ta ma fi ƙarfin takarda da alƙaluma masu launi da almakashi ba. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne kowane laƙabi a iya bin sawunsa zuwa ainihin maganar da ta haife shi, kuma a yanko guntun da ɗan abin da ke gabansa da bayansa don kada ma'ana ta juye.

A ƙarshen wannan mataki ɗalibar tana da laƙabi kamar 90. Ta haɗe waɗanda abu ɗaya suke faɗa da kalmomi daban, suka dawo 60 da 'yan kai.

Abin da ake kira jigo, da abin da ba shi ba

Nan ne mafi yawan kundaye ke faɗuwa, saboda haka bari mu ɗan zauna a kai.

Ɗalibar ta baje laƙabobinta ta fara tara masu kama da juna. Tashin farko ta samu tari huɗu, ta sa musu suna: Matsalar kuɗi, Illolin magani, Maganin gargajiya, Ra'ayi kan likitoci. Ta ji daɗi, don abin ya tsaru. Malamin da ke duba aikinta ya ce ta ɗauko takardar tambayoyin da ta yi hira da ita. Tambaya ta huɗu a kan kuɗi ce, ta biyar a kan illa, ta shida a kan gargajiya, ta bakwai a kan likitoci. Wato ta yi wata biyu tana aiki ta dawo da tambayoyinta a matsayin amsa. Da ba ta je ko'ina ba ma za ta iya rubuta waɗannan kanun.

Irin wannan tari shi ne Braun da Clarke suke kira taƙaita batu, kuma sun sha kokawa cewa ana yin sa ana jingina musu. A ƙarƙashin "Matsalar kuɗi" za ka tarar da wanda ya ce magani ya yi tsada, da wanda ya ce kuɗi ba damuwarsa ba ne, da wadda ta ce ɗanta ke saye. Babu abin da ya haɗa su sai cewa duk an ambaci kuɗi. Jigo kuwa yana da magana guda da yake faɗa, wadda ta ratsa duk guntayen da ke cikinsa. Kamar tsintsiya ne: laƙabobi su ne tsinkaye, kuma sai da maɗauri suke zama abin shara. In ba ka iya faɗin maɗaurin a jimla ɗaya ba, tsinkaye ne kawai a hannunka.

Sai ta wargaza tarin ta sake, wannan karon tana tambayar kanta wane tunani ne ke ƙarƙashin laƙabobin, ba wane batu ba. "Sai an ji alama ake sha", "magani na marar lafiya ne", "magani na gaske yana da ranar gamawa", "awo ya sauka, an warke", "ba na son zama bawan ƙwaya": waɗannan sun fito daga amsoshin tambayoyi daban-daban, wasu daga tarin likitoci, wasu daga na illa. Amma abu guda suke faɗa. A wurin waɗannan mutane, ciwo abu ne da ake ji a jiki kuma yake da ƙarshe, magani kuma abin da ke kawo ƙarshen ne. Ciwon da ba a ji, da maganin da ba ya ƙarewa, sun saɓa wa wannan fahimta gaba ɗaya. Ga jigo ya samu. Yana kuma da nauyi, tun da a likitance hawan jini yawanci ba ya nuna alama, kuma saukar awo na nufin maganin yana aiki ne, ba wai an rabu da ciwon ba.

Tarin kuɗi ma ya sauya kama. Da ta ware waɗanda suka ce tsada kawai, sai ta ga sauran duk suna zagaya abu ɗaya: dattijuwar da ke jin nauyin ɗanta, matar da sai ta nemi izini da kuɗin mota kafin ta je karɓo magani, magidancin da ya yi ritaya wanda ya ce da shi ake roƙo, yau shi ke roƙo. Abin da ya haɗa su ba farashin da ke kemis ba ne. Kowane sabon kwali yana nufin sake miƙa hannu ga wani. Wannan jigo na biyu ke nan.

Sau da yawa za ka karanta a kundi cewa "jigogi huɗu sun fito daga bayanan", kamar dai suna kwance ne a ciki mai bincike ya tono su. Braun da Clarke sun ƙi wannan lafazi ƙwarai, kuma ina ganin suna da gaskiya. Shafuka 200 ɗin nan su ne suka ba da tari huɗu na farko, su ne kuma suka ba da jigogi na biyu. Abin da ya canza tunanin ɗalibar ne. Ita ta gina jigogin, da iliminta na lafiya, da kasancewarta Bahaushiya da ta san nauyin kunya tsakanin uwa da ɗa. Wannan ba aibi ba ne in an bayyana shi. Daga 2019 ma su biyun sun riƙa kiran hanyarsu da sunan da ke nuna cewa mai bincike yana waiwayar kansa, yana faɗin inda ya tsaya da yadda tsayuwar ta shafi abin da ya gani.

Gwada jigo ko zai tsaya

Jigon da aka haɗa a mataki na uku na gwaji ne, kuma bai kamata a ƙwallafa rai a kansa ba. Dubawar hawa biyu ce. Da farko a karanta duk guntayen da ke ƙarƙashin jigo a jere, a ga ko da gaske magana ɗaya suke. Sannan a koma kan hirarrakin gaba ɗaya, a karanta su da jigogin a hannu, a ga ko hoton da jigogin ke bayarwa ya yi kama da abin da mutanen suka faɗa.

A hawa na farko tarin "Maganin gargajiya" ya rushe. Ɗalibar ta so ta riƙe shi, don yana da guntaye masu daɗin karantawa. Amma da ta jera su sai ta ga kashi biyu ne. Wasu suna komawa ga mai magani ne don shi ya ce musu za a rabu da ciwon, wanda hakan jigo na farko ne. Wasu kuma suna jiƙa zoɓo ko su ci tafarnuwa don wannan ba sai sun tambayi kowa ba, wanda hakan na biyu ne. Ta raba su, tarin ya ɓace, jigogin biyu suka ƙara ƙarfi.

A hawa na biyu ta ci karo da hira ta 12, wata mata da ba ta taɓa fashin magani ba:

"Yayata lafiyarta lau, ranar ma ita ta yi girki. Da magariba ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Tun daga nan na san wannan ciwon ba ya sallama."

Wannan ta saɓa wa jigo na farko, kuma jarabawar da ke nan ita ce a yi kamar ba a gan ta ba. Mai gaskiya ba ya haka. Da ɗalibar ta duba, sai ta ga mutum uku da ke shan magani ba fashi duk sun ga shanyewar ɓarin jiki a gidansu. Maimakon su rushe jigon, sun nuna iyakarsa: fahimtar cewa ciwo abin ji ne tana riƙe da mutum har sai ya ga ciwon ya kayar da wanda ba ya jin komai. Jigon ya fi na da kaifi. Da a ce rabin mutanen ne suka saɓa masa, to da sai a sake shi.

A wannan zagaye ne kuma ta waiwayi abin da ta rubuta a littafinta tun farko game da alwala. Wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari. Ɗan kasuwa ya ce ba zai riƙa barin shago ba, wani ya ce alwalarsa ba ta kai shi daga azahar zuwa la'asar, wata ta ce da azumi ba ta san lokacin da za ta sha ba sai ta bari. Ta haɗa su suka zama jigo na uku: magani yana karo da tsarin yinin mutum, kuma in sun yi karo yini ne ke cin nasara.

Wata tambaya da ke tasowa a nan ita ce mutum nawa ne za su faɗi abu kafin ya zama jigo. Babu adadi. Jigo na uku mutum biyar kawai ya shafa cikin 15, amma yana amsa tambayar bincike kai tsaye, kuma abu ne da likita zai iya yin wani abu a kai. Akasin haka, kusan kowa ya yi ƙorafin dogon layi a asibiti, amma babu wanda ya ce layin ne ya sa ya daina sha, don haka bai zama jigo ba.

Suna da rubutu

Mataki na biyar gajere ne amma yana tona asiri. A rubuta wa kowane jigo 'yan layuka: me yake cewa, ina ya fara, ina ya tsaya, me ya raba shi da sauran. In bayanin jigo biyu ya riƙa shiga juna, to ɗaya ne aka raba. In bayanin ɗaya ya ƙi ƙarewa sai da "haka kuma" uku, to biyu ne aka cusa wuri guda. Sannan suna. Sunan kalma ɗaya, irin "Kuɗi" ko "Al'ada", kusan kullum alamar taƙaita batu ce. Ɗalibar ta kira nata: "Mai lafiya ba ya shan magani", wanda ta aro daga bakin dattijuwar, "Kowane kwali roƙo ne", da "Ƙwayar da ke karya alwala". Wanda ya karanta sunayen kaɗai ya riga ya san inda binciken ya dosa.

A wajen rubuta rahoto, guntun magana shaida ce, kuma shaida ba ta yanke hukunci da kanta. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jera maganganu biyar, a bi kowace da jimlar da ta maimaita ta da wasu kalmomi. Abin da ake so shi ne a faɗi magana, a kawo guntu ɗaya ko biyu, sannan a nuna abin da ke cikin guntun da mai karatu zai iya wucewa bai gani ba, kamar yadda dattijuwar ba ta taɓa cewa ɗanta ya ƙi ba. A kuma ɗebo daga mutane daban-daban. In duk shaidar daga bakin mutum biyu masu iya zance ta fito, mai karatu yana da haƙƙin ya yi shakka.

Abubuwa biyu da ake jayayya a kai

Akwai masu bincike da ke bin wata hanya dabam, wadda littafin Richard Boyatzis na 1998 yake cikin jagororinta. Su suna rubuta kundin laƙabobi da ma'anar kowane, su ba mutum biyu su yi aikin kowa shi kaɗai, sannan a auna yawan dacewarsu da wani lissafi da Jacob Cohen ya fito da shi a 1960, wanda ake kira kappa. Hanya ce mai amfani in ƙungiya ce babba ke aiki a kan ɗaruruwan hirarraki kuma ana son kowa ya bi layi ɗaya. Braun da Clarke ba su ɗauke ta ma'aunin inganci a tasu hanyar ba, domin dacewar mutum biyu na iya nuna cewa horo ɗaya suka samu kawai. Duk wadda mutum ya zaɓa ya faɗe ta. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ka ce su kake bi, sannan ka kawo lissafin dacewa a matsayin hujja.

Na biyun shi ne yawan hira. Lambar da ɗalibai suka haddace ita ce 12, kuma tana da asali a yankinmu. A 2006 Greg Guest da Arwen Bunce da Laura Johnson sun buga nazarin hirarraki 60 da aka yi da mata a Ghana da Najeriya, inda suka ga cewa mafi yawan laƙabobinsu sun riga sun bayyana cikin 12 na farko. Sai dai matan nan yanayinsu ya yi kama da juna, tambayoyin kuma tsararru ne, abin da su marubutan suka faɗa da kansu. Wanda zai haɗa manoma da makiyaya da ma'aikatan gwamnati a bincike ɗaya ba zai fake da 12 ba.

Ya rage a san abin da wannan hanya ba ta iya yi. Ɗalibarmu ba za ta ce kashi kaza cikin ɗari na masu hawan jini suna tunani kaza ba, don mutum 15 da aka zaɓa da gangan ba su wakilci gari a lissafi ba. Ba za ta ce jin nauyin roƙo ne ke haddasa barin magani a ko'ina ba. Yanka hira guntu-guntu kuma yana ɓatar da labarin mutum ɗaya daga farkonsa zuwa ƙarshe, kuma mai son wannan akwai wasu hanyoyin da suka fi dacewa da shi. Abin da za ta iya cewa da ƙarfin gwiwa shi ne ga hanyoyi uku da mutanen da ta zauna da su suke fahimtar lamarin, ga shaidar kowace, ga kuma inda kowace ta tsaya.

Kai kuma mai karatu, ko kundinka kake rubutawa ko rahoton wata ƙungiya ya faɗo hannunka, buɗe shafin jigogi ka ajiye shi kusa da takardar tambayoyin da ke ƙarshen kundin. In kanun jigogin su ne tambayoyin da aka cire musu alamar tambaya, a mayar wa mai shi ya koma mataki na uku.